Farashin gwal a waya ya ce dala 3,421: nawa ke nan giram ɗaya a naira?

Manomin_Auyo:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman wanda ya san harkar gwal ya duba mini wani lissafi. Hajiyarmu tana da sarƙa da 'yan kunne na gwal da ta sayo shekarar da ta sauke farali, yanzu ta ce a sayar a saya wa ƙanena injin ban-ruwa da taki kafin a shiga noman rani. Jiya na shiga Kano na kai wa wani mai shago, ya ɗora a sikeli gaba ɗaya ya ce giram 18.6 ne, zai saya a kan naira 132,000 kowane giram. Kuɗin ya kama 2,455,200.

Ban sallama ba, na ce sai na yi shawara. A mota na duba waya na ga an rubuta haka:

```
XAU/USD   Bid 3,421.40   Ask 3,422.10   +12.40 (+0.36%)
```

Na bincika aka ce wannan farashin oza ɗaya ta gwal ne a dala, kuma oza ɗaya giram 28.35 ce. Na raba 3,421.40 da 28.35 ya ba ni dala 120.68, na ninka da 1,500 kuɗin dala, giram ɗaya ya kama kusan naira 181,000. In haka ne kayan Hajiya sun haura miliyan uku da dubu ɗari uku da sittin. Wato mutumin nan yana so ya danne mana sama da dubu ɗari tara ke nan? Jiya ban yi barcin kirki ba. Ban faɗa wa Hajiya ba tukuna.

Yaron_Wapa:
Wa alaikumus salam. Yayana Allah ne ya kuɓutar da kai. Kada ka koma wurin. Farashin duniya a bayyane yake, kowa yana gani a wayarsa, su kuma suna ganin mutum ya fito daga ƙauye sai su ɗauka bai san komai ba.

Malam_Lissafi_Ringim:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, kafin a ɗauki alhakin mai shago, akwai gyara a lissafinka tun daga matakin farko. Oza iri biyu ce. Wadda ka samu mai giram 28.35 ita ce ta kayan masarufi, irin wadda ake rubutawa a jikin gwangwanin madara ko kwalbar man shafawa. Gwal da azurfa ba da ita ake auna su ba. Tasu ozar daban ce, a allon waya za ka ga an rubuta troy ounce ko oz t ko ozt, kuma nauyinta giram 31.1035 ne. Ta fi waccan nauyi da kusan giram uku.

To tunda ozar ta fi nauyi, kuɗin nan dala 3,421.40 a kan giram da yawa za ka raba shi, don haka rabon kowane giram zai ragu. Sake dannawa a kalkuleta:

```
3421.40 / 31.1035 = 110.00
110.00 x 1500 = 165000
```

Giram ɗaya naira 165,000 ne, ba 181,000 ba. Wannan kuskuren kaɗai ya ƙara maka dubu goma sha shida a kowane giram, a kan giram 18.6 kusan dubu ɗari uku ke nan na kuɗin da dama babu su.

Manomin_Auyo:
Ikon Allah. Malam na danna kuma haka ya fito. Amma ko da 165,000 ɗin ne ai har yanzu da tazara, dubu talatin da uku a giram ba ƙaramin abu ba ne.

Baba_Maƙerin_Farfaru:
Ɗana, sannu da ƙoƙari. Ni na gaji ƙira, tun ina yaro nake bakin wuta a kan azurfa da gwal, bari in ɗora a kan abin da Malam ya faɗa. Wannan farashin da kake gani a waya na tsantsar gwal ne, ɗan karat 24, wanda ake zubawa sanduna ana ajiyewa a bankuna. Sarƙar wuya ba a yin ta da shi tsantsa sai nadiran, domin yana da laushi, in mace ta sa shi yau da gobe zai lanƙwashe ya tsinke. Sai an gauraya shi da jan ƙarfe ko azurfa ya yi ƙwari.

Ɗauko sarƙar ka fita haske. Duba wajen maɗaurin, inda ake maƙalawa a bayan wuya, akwai ɗan falle ƙarami kamar ƙwayar shinkafa. A jikinsa za ka ga lamba. In idonka bai gani, ɗauki hoto da waya ka buɗa hoton. In ka ga 875 ko 21K ɗan ashirin da ɗaya ne, wato a cikin kashi dubu, 875 ne gwal. In 916 ne ɗan ashirin da biyu. In 750 ne ɗan sha takwas. Kayan da alhazai ke sayowa daga Saudiyya yawanci ɗan 21 ne, amma kada ka yi aiki da yawanci, duba ka gaya mana.

Manomin_Auyo:
Baba na duba. 875 ne a jikin sarƙar, sai da na goge da bakin riga kafin ya fito.

Malam_Lissafi_Ringim:
To madalla. Ninka 165,000 da 0.875, zai ba ka 144,375. Wannan shi ne kuɗin gwal ɗin da ke cikin giram ɗaya na sarƙar Hajiya. A kan giram 18.6 ya kama naira 2,685,375.

Yanzu dubi yadda dubu ɗari taran nan taka ta rarrabu. Kusan dubu 298 kuskuren oza ne. Dubu 383 da ɗoriya kuma jan ƙarfe ne da azurfar da ke cikin sarƙar ka yi musu kuɗin gwal. Abin da ya rage tsakaninka da mai shago shi ne 230,175, wato 12,375 a kowane giram. Ya taya ƙasa da farashin duniya da kusan kashi takwas da rabi cikin ɗari. A kan wannan ne za ka yi ciniki, ba a kan dubu ɗari tara ba.

Yaron_Wapa:
Na karɓi gyara a kan oza, ban san biyu ba ce. Amma akwai abin da ku duka ba ku taɓo ba. Wa ya ce dala 1,500 ce? Manomin_Auyo a ina ka samo? Akwai farashin da Babban Banki ke wallafawa, akwai na 'yan canji, kuma a wurin 'yan canji ma kuɗin da za su sayi dalarka daban, kuɗin da za su sayar maka daban. In dala 1,530 ce, giram na ɗan 24 ya koma 168,300. Naira talatin kacal a dala ta motsa giram da 3,300.

Malam_Lissafi_Ringim:
Wannan magana taka gaskiya ce, kuma ta fi ƙarfin kalkuleta ta. Ni na yi aiki da lambar da ya kawo ne. A ƙasar nan sau da yawa gwal bai motsa a Landan ba amma ya motsa a Kano, saboda naira ce ta motsa.

Manomin_Auyo:
Wani abokina mai POS na tambaya ya ce in sa 1,500. Ban tabbatar ba gaskiya.

Yaron_Wapa:
To ranar da za ka shigo, ka fara tambayar farashin dala a Wapa da safe, ka tambayi mutum biyu ko uku, sannan ka wuce wajen 'yan gwal. Su ma da farashin kasuwa suke lissafi, don in za su sayo sabon kaya daga Dubai a nan suke neman dalar.

Maman_Ilham:
Ni wannan Bid da Ask ɗin ne ban gane ba. Me ya sa farashi biyu? Wanne ne na gaskiya?

Malam_Lissafi_Ringim:
Hajiya, duka na gaskiya ne. Kin san a kasuwar hatsi in kika kai buhun gero akwai kuɗin da ɗan kasuwa zai taya, in kuma saye kika zo yi akwai kuɗin da zai sallama miki. Bid shi ne tayin mai saye, Ask shi ne kuɗin da mai sayarwa ke nema, kullum Ask ya fi yawa. Tunda ɗan'uwanmu sayarwa zai yi, Bid ne nasa. Amma kada ya dame ki, a nan bambancin bai kai dala ɗaya ba a kan oza guda, in aka raba a giram naira talatin da 'yan kai ne.

Ita kuma lambar ƙarshe mai alamar tarawa, +12.40, ba a haɗa ta da farashin. Tana nuna cewa oza ta hau da dala 12.40 daga inda aka rufe jiya. Na taɓa ganin ɗalibina ya tara ta a kan farashin, ya ƙirga hawan sau biyu ke nan.

Maman_Ilham:
Na gode Malam. Dalilin tambayata, bara na sayi awarwaro biyu don auren 'yata, da wata matsala ta taso bayan wata huɗu na mayar, aka rage mini kuɗi sosai alhali ana cewa gwal ya tashi. Raina ya ɓaci ƙwarai, har yau ban sake shiga shagon ba.

Baba_Maƙerin_Farfaru:
Maman Ilham, Allah ya mayar da alheri. Abin da ya same ki kuɗin ƙira ne. Ranar da kika saya, kin biya kuɗin gwal, kin biya ladan wanda ya ƙera, kin biya kuɗin ɗauko shi daga waje da ribar mai shago. Ranar da kika mayar, gwal ɗin kaɗai za a saya. Shi ya sa nake gaya wa mata in don ajiya za su saya, su nemi mai sauƙin ado, mara duwatsu, kuma su sa a rubuta musu a rasit: nauyi kaza, karat kaza, kuɗin giram kaza, kuɗin ƙira kaza, kowanne a layinsa. Mai shagon da ya ƙi rarrabewa ya ce kuɗin gaba ɗaya kaza ne, to a nan ake ɓoye abu.

Game da ragin da ake yi wa mai sayarwa kuma, bari in faɗi abin da na sani daga ciki, ba don in kare kowa ba. Tsohuwar sarƙa in an narka ta ba ta fitowa da nauyin da ta shiga. Akwai dattin shekaru a tsakanin ƙwayoyinta, akwai wuraren da aka yi liƙi waɗanda sau da yawa ba su kai karat ɗin sauran jikin ba, akwai ɗan zaren ƙarfe a cikin maɗauri wanda ba gwal ba ne sam, sa maganaɗisu kusa da shi za ka ji yana ja. Sannan mai saye ya ba ka kuɗi yau, farashi na iya faɗuwa kafin ya juyar. Dole ya rage wani abu. Nawa ne adalci? A nan ne ake sa-in-sa. Ni a ganina in sarƙar lafiyayya ce, wadda zai wanke ya rataye ya sayar a matsayin kaya ba sai ya narka ba, kashi takwas da rabi ya yi yawa, akwai wurin ƙari.

Abba_Gwarzo:
Ni fa ban yarda da wannan rarrabe-rarraben ba. Gwal gwal ne. In duniya ta ce 165,000 a ba mutum 165,000.

Hajiya_Dambatta:
Abba, in ka kai shinkafa shanshera kasuwa, kuɗin gyararriya ake ba ka? Ka sake karanta abin da Baba ya rubuta a sama.

Ni tambayata daban ce. A Dubai na ji suna cewa tola, har wata ƙawata ta ce mini tola ita ce oza da yarensu. Haka ne?

Baba_Maƙerin_Farfaru:
A'a Hajiya, ƙawarki ta haɗa abu biyu. Tola awon mutanen Indiya da Pakistan ne, su suka yaɗa shi a kasuwannin Larabawa. Giram 11.66 ce. Oza ɗaya ta gwal ta kai tola biyu da kashi biyu cikin uku. In aka ba ki farashin tola, da 11.66 za ki raba, ba da 31.1 ba.

Na_Maigatari:
Mu nan bakin iyaka wani abin ke rikita mu. Abokan cinikinmu na Nijar shafukan Faransanci suke dubawa, su kuma waƙafi suke sawa inda muke sa ɗigo. Abin da muke rubutawa 3,421.40 su za su rubuta 3 421,40. Kwanaki wani yaro ya ga an rubuta 110,00 a farashin giram ya karanta dubu goma sha ɗaya. Kuma sau da yawa nasu a kuɗin Yuro ne, XAU/EUR, ba dala ba. In haka ne lissafin sefa ya fi namu sauƙi, domin sefa a ɗaure take da Yuro, 655.957 ba ta motsi. Ka raba da 31.1035 ka ninka da wannan, shi ke nan. Wahalar tana dawowa ne wajen mayar da sefa naira.

Malam_Lissafi_Ringim:
Wannan ƙarin ilimi ne, na gode. Ya tuna mini in ce kowa ya riƙa karanta haruffan da ke gaban lambar kafin lambar kanta. XAU gwal ne, XAG azurfa ce, abin da ke bayan sandar kuma shi ne kuɗin da aka yi farashin da shi. Wasu shafukan kuma suna da wurin zaɓa tsakanin oz da g da kg, in wani ya taɓa wayarka ya canja, za ka raba abin da an riga an raba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a irin farashin da ɗan'uwanmu ya gani a wayarsa, dubu uku da wani abu oza ce, ɗari da goma giram ne, dubu ɗari da goma kilo ne.

Sani_Mai_Shayi_Jahun:
Don Allah zoben azurfa na maza fa? Ina da guda biyu, ko su ma da wannan lissafin?

Baba_Maƙerin_Farfaru:
Hanya ɗaya ce Malam Sani, oza ɗaya ce ake auna su da ita. Sai dai ka shirya zuciyarka. A ce ozar azurfa dala 38.20 ce, in ka raba da 31.1035 giram bai kai dala ɗaya da kwata ba, a dala 1,500 wajen naira 1,840. In zoben 925 ne ya koma wajen 1,700. Zobe mai giram takwas azurfarsa ba ta kai dubu goma sha huɗu ba. Yawancin kuɗin zobe aiki ne da dutse.

Anti_Nas_Gwaram:
Ina bin zancen nan tun safe. Kowa yana maganar farashi, ba wanda ya tambayi sikelin. 18.6 ɗin nan sikelin mai shago ne ya faɗa, shi ne kuma mai saye. Ban ce ya yi coge ba, amma in ni ce zan auna a wani wuri kafin in koma.

Ƙananan sikelin nan na aljihu masu batir suna da maɓalli da aka rubuta MODE ko UNIT. Duk dannawa ɗaya yana canja awo: g, oz, ozt, dwt, ct. Ka tabbata ƙaramin harafin da ke gefen lamba g ne. Kayan da suka yi 18.6 a g za su nuna 0.598 a ozt, su nuna 0.656 a oz. Ka ga ma da idonka ozar biyu ce, a sikeli ɗaya.

In kana so ka gwada gaskiyar sikeli kuma ba ka da dutsen awo, nemi sabon sirinji mai cin mil 5 a kemis. Ɗora murfin kwalba, danna TARE ya koma sifili, zuba ruwa mil 5 daidai. Ya kamata ya nuna giram 5 ko kusa da shi sosai. Ba zai kama ɗan ƙaramin bambanci ba, amma in ya nuna 4.6 ka san da magana. Kuma a kashe fanka lokacin awo, iska tana motsa lambar.

Manomin_Auyo:
Anti Allah ya saka da alheri. Akwai mai sayar da maganin feshi a garinmu yana da irin sikelin, zan je bayan la'asar.

Ustaz_Babura:
Tunda an zo nan, bari in ja hankali kan wani amfanin wannan lissafin da ya shafi kowa, har wanda bai taɓa riƙe gwal ba. Nisabin zakka da mafi ƙarancin sadaki da ake sanarwa, daga nan suke fitowa. Nisabin zinare dinari ashirin ne, malamai da yawa na wannan zamani sun ƙaddara dinari da giram 4.25, ya zama giram 85. A farashin da Malam ya fitar, 85 sau 165,000 ya kama naira 14,025,000. Rubu'in dinari kuma, wanda shi ne mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya, giram ɗaya ne da ɗan ɗori, 1.0625, wajen naira 175,300. Wanda ya raba da 28.35 zai ɗaga nisabin da sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari uku, har wani ya ɗauka zakka ba ta hau kansa ba alhali ta hau. Ba ƙaramin abu ba ne.

Abba_Gwarzo:
Amma Ustaz lambar da nake gani ana turawa a waya duk mako ba ta zuwa daidai da irin wannan lissafin.

Ustaz_Babura:
Haka ne, kuma ba lallai wani ya yi kuskure ba. Wani ya ɗauki farashin dala na banki wani na kasuwa, wani ya ɗauki farashin ranar Litinin wani na Alhamis, akwai kuma saɓani a kan nauyin dinarin kansa da karat ɗin da za a ƙaddara da shi. Ka bi sanarwar malaman da ka amince da su, wannan lissafin don ka gane inda lambar ta fito ne.

Yaron_Wapa:
Wani abu kuma, yanzu na buɗe shafi biyu, ɗaya ya ce 3,421 ɗaya ya ce 3,460 da wani abu. Wanne ne ƙarya?

Malam_Lissafi_Ringim:
Duba na biyun da kyau, ina kyautata zaton za ka ga an rubuta Futures ko GC ko COMEX, tare da sunan wata kamar Dec. Wannan farashin alkawari ne na kayan da za a miƙa nan gaba a kasuwar New York, kamar a yi cinikin buhun masara yau a kan sai kaka za a kawo. Yawanci yana ɗan ɗara na yau. Wanda kake nema shi ne mai Spot, farashin nan take.

Akwai kuma na uku da za ka iya cin karo da shi, LBMA Gold Price, wanda ake tsayarwa a Landan sau biyu a ranar aiki, ƙarfe 10:30 na safe da 3:00 na yamma agogonsu. Shi ba ya motsi sai an sake zama, shi kuwa Spot kowane lokaci yana rawa. Ranar Asabar da yinin Lahadi kuma kasuwar a rufe take, abin da ka gani na daren Juma'a ne.

Ɗan_Tudun_Wada:
Salam. Ni ɗanyen gwal nake tambaya, irin na masu haƙa, gari-gari. Wani ya kawo mini giram shida ya ce in saya a 150,000, tunda ƙasa yake da 165,000 ai akwai riba ko?

Baba_Maƙerin_Farfaru:
Ɗana riƙe kuɗinka. Ɗanyen gwal ba shi da tambari, ba wanda ya san kashi nawa ne gwal a ciki sai an narka an gwada. Akwai yashi, akwai baƙin ƙarfe, akwai masu zuba garin tagulla. In bayan wuta giram shida ya koma biyar, biyar ɗin kuma ya fito ɗan 20, gwal ɗinka na gaskiya giram huɗu ne da ɗan kai, ka biya 900,000 a kan abin da bai kai 700,000 ba. Ga kuma maganar takardar izini, wadda ba a wasa da ita. Wannan ba sana'ar da ake shiga da kalkuleta kaɗai ba ce.

Manomin_Auyo:
Jama'a na dawo. Na gwada sikelin da sirinji kamar yadda Anti ta ce, ya nuna 5.0. Na auna kayan gaba ɗaya 18.6, daidai da na mai shago, alhamdu lillahi. Amma da na auna daban-daban, sarƙa 14.2, 'yan kunne 4.4, sai na ce bari in duba tambarin 'yan kunnen su ma. A jikin tsinken da ke shiga kunne 750 aka rubuta, ba 875 ba. Na tambayi Hajiya, ta ce ai 'yan kunnen ba tare ta saye su ba, wata ƙanwarta ce ta ba ta daga baya.

Malam_Lissafi_Ringim:
To lissafi ya canja, dole a raba su:

```
14.2 x 165000 x 0.875 = 2050125
 4.4 x 165000 x 0.750 =  544500
```

Jimla 2,594,625. Tayin mai shago 2,455,200. Tazarar ta sauko zuwa 139,425, kashi biyar da ɗan ɗori cikin ɗari. In dala ta fi 1,500 ranar, tazarar za ta ɗan buɗe.

Yaron_Wapa:
Astagfirullah, na yi saurin yanke wa bawan Allah hukunci da safe. Amma har yanzu ina cewa ka zaga shago uku kafin ka sallama.

Hajiya_Dambatta:
Ni abin da ke raina, shi mai shagon ya lura 'yan kunnen ɗan 18 ne ko bai lura ba? In bai lura ba, ya yi musu kuɗin ɗan 21 ke nan. Wajibi ne ka gaya masa.

Baba_Maƙerin_Farfaru:
Zai yi wuya bai lura ba Hajiya, mai wannan sana'a launi kaɗai yake kallo ya gane, ɗan 18 ya fi haske-haske, ɗan 21 ya fi ja. Ina zaton ya haɗa ne ya ba da farashi ɗaya na tsaka-tsaki. Amma kina da gaskiya, a faɗa ɗin shi ne daidai, kuma ya fi wa mai sayarwa. Ɗana, in ka koma ka ajiye su daban, ka ce sarƙa ɗan 21 giram 14.2, 'yan kunne ɗan 18 giram 4.4, a ba ni farashin kowanne. Zai goga su a dutse ya ɗiga ruwan gwaji, ka tsaya ka gani da idonka, domin tambari ma ana bugawa na ƙarya. Kada ka bari a shiga da kaya ciki inda ba ka gani. 'Yan kunnen akwai duwatsu a jiki?

Manomin_Auyo:
Akwai wasu farare ƙanana guda uku-uku, Baba.

Baba_Maƙerin_Farfaru:
To za a rage nauyinsu. Wasu cirewa suke yi a gabanka su auna, wasu ƙiyasi suke yi. In ƙiyasi ne yakan zarce, in kuma aka cire sannan ciniki bai faɗa ba an ɓata wa Hajiya kaya. Ku gama maganar farashin giram tukuna kafin a taɓa dutse ko ɗaya.

Abba_Gwarzo:
Ni dai har yanzu ina ganin dubu ɗari da talatin da tara kuɗi ne. Buhun taki nawa ke nan?

Maman_Ilham:
Ni kuma da Hajiya za ta ji tawa, sarƙar kaɗai za a sayar a bar mata 'yan kunnen, tunda kyauta ce daga 'yar'uwarta. Miliyan biyu ba za ta sayi injin ba?

Manomin_Auyo:
Zan kai mata wannan shawarar daren nan, ita ke da kayanta. Jibi Alhamis zan shiga Kano in sha Allah, zan fara da Wapa. Malam, in na tarar farashin ya canja a waya, 31.1 kawai zan sa ko sai na rubuta 31.1035 ɗin gaba ɗaya? Kalkuletar wayata tana wahalar da ni wajen ɗigo.

Malam_Lissafi_Ringim:
Sa 31.1 ya wadatar. A kan kayan Hajiya gaba ɗaya bambancin bai wuce naira ɗari uku ba. Rubuta 14.2 da 0.875 a layi ɗaya, 4.4 da 0.750 a layi na biyu a 'yar takarda ka sa a aljihu, don in ana ciniki ana surutu lamba tana ɓacewa mutum.